Wa Zai Ɗauki Asara? Martani Ga Mai Tura Matasan Anka, Gummi Da Bukkuyum Banki

Wani ɗan'uwa marubuci ya buga maƙala kwanan baya yana ba matasan yammacin Zamfara shawara kan inda za su nemo jarin fara sana'a. Ya jera hanyoyi huɗu, wato bashin banki, ƙungiyar gama-kai, kuɗin dangi da abokin tarayya, ya auna su, ya yanke hukunci cewa banki ne gaba, sauran ukun kuma ragowar tsohon zamani ne da ya kamata a yi ban kwana da su. Hujjojinsa ba na wasa ba ne, don haka bari in kawo su yadda ya tsara su. Ya ce kuɗin dangi ba su da ƙa'ida, shi ya sa mai karɓa yake sakaci da su, daga baya zumunci ya lalace. Ya ce abin da gama-kai da adashi ke tarawa bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa ma'aji ke cinye shi. Ya ce abokin tarayya ya fi kowa tsada, domin banki kuɗin ruwansa yana da iyaka, shi kuwa abokin tarayya yana cin rabin ribarka har abada. Banki, a ganinsa, yana ba da kuɗi masu kauri, yana koya wa mutum tsari da riƙe lissafi, yana kuma barinsa da mallakar sana'arsa shi kaɗai.

Kowace daga cikin maganganun nan akwai gaskiya a cikinta. Matsalar ita ce Malam ya auna hanyoyin huɗu da ma'auni ɗaya, wato wanne ya fi arha idan komai ya tafi daidai. A Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa, tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: ranar da aiki ya tsaya cik ba da laifinka ba, wuyan wa asarar za ta hau? Wanda bai amsa wannan ba bai fara lissafin jari a ƙasar nan ba.

Tsayawar aiki a wajenmu ba hasashe ba ce. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, haramcin da bai tashi ba sai Disamban 2024, kuma duk mai sayar da abinci ko mai ko kayan gyara da ke rayuwa da kasuwar masu haƙar zinare a wajajen Bagega da Dareta ya ji a jikinsa. A Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Ƙauyuka ba su sake jin ƙarar waya ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi asarar rayuka masu yawa, dubbai suka bar gidajensu. Farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo. A Agustan 2024 ambaliya ta cinye unguwanni da gonaki a Gummi. Shekara shida ke nan, tsaiko biyar. A cikinsu wanne ne banki ya ɗauke wa mai bashi biyan wata?

Mu sauko kan misali guda mu bi shi da alƙalami. Alƙaluman nawa ne, na ƙaddara su ne don lissafi, kowa na iya musanya su da farashin yau. A ce wani matashi a Gummi, inda fadamun gulbin Zamfara ke ba da shinkafa, yana son kafa injin casa. Yana buƙatar naira miliyan 3: miliyan 2 na inji da rumfa da girkawa, miliyan 1 na sayen shanshera da gas. A ce wata shida na kaka da bayanta yana samun ribar naira 250,000 a wata bayan ya fitar da mai da ladan yara, wata shida na ƙarancin shinkafa kuma 100,000. A shekara ya tashi da miliyan 2.1. Sana'a ce mai kyau, babu mai raina ta.

Yanzu mu bi shawarar Malam mu kai shi banki. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa da ya samu bashi a kan kashi 30 ya yi sa'a. Miliyan 3 a kan kashi 30, a biya cikin wata 24, ya kama kusan naira 168,000 duk wata, jimilla miliyan 4 da 'yan kai. A shekara zai miƙa wa banki miliyan 2 da 'yan dubbai, daga cikin miliyan 2.1 da ya samu. Abin da ya rage masa na cefane da magani da suturar iyali a tsawon shekara bai kai 90,000 ba. A watannin ƙaranci kuwa, kowane wata sai ya cika 68,000 daga abin da ya ajiye a kaka, in har ya ajiye. Wannan fa a shekarar da komai ya tafi lafiya ke nan, injin bai ƙone ba, bel bai tsinke ba, hanya ba ta rufe ba.

To, mu sa Satumban 2021 a cikin lissafin. Kasuwa a rufe, babu mai kawo shanshera, babu gas a jarka, babu waya balle a tura kuɗi. Wata uku inji na kwance. Bashin da ya taru ya haura 500,000, ga tarar jinkiri a kai. Kuma tun Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta mai bashi su kwashe abin da ke cikin asusunsa na kowane banki. Kuɗin da 'yar'uwarsa ta turo daga Kano don a sayi hatsi, in suka sauka a asusunsa, sun zama halak ɗin banki. Ina mallakar sana'ar da Malam ke yabo? Yaron nan sunansa ne a rumfar, amma shekara biyu cur ɗan ƙodagon banki ne, ɗan ƙodagon da kuma shi kaɗai ke ɗaukar asara.

Duk wannan ma mun ƙaddara an ba shi bashin. Malam ya yi maganar shiga banki kamar shiga masallaci, kowa ya yi alwala ya wuce sahu. Banki yana tambayar tarihin asusu na watanni, sabuwar sana'a kuwa ba ta da tarihi. Yana tambayar jingina, jinginar da ya fi so kuma ita ce fili ko gida mai takardar mallaka ta gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara. Gonar gado a Gwashi ko Adabka, wadda iyakarta itacen tsamiya ne da shaidar mai unguwa, wace takarda gare ta? Ko da tana da ita, wane manaja ne zai karɓi jinginar gonar da shi kansa ba zai iya zuwa ya gani ba? Gaskiya ne tun 2017 akwai dokar da ta halatta jinginar da kayan da ake iya ɗauka, irin su inji da dabbobi da hatsi, akwai kuma rajistarsu ta ƙasa. Amma dokar ta ba banki dama ne, ba ta tilasta masa ba, shanun da ake korawa daji cikin dare kuwa ba jinginar da ke kwantar wa mai ba da bashi hankali ba ce. Ga kuma tafiya Gusau, inda akasarin rassan bankunan suke, a kan hanyar da matafiyi ke wa iyalinsa sallama da addu'a.

Malam ya hango cewa za a ce masa kuɗin ruwa haramun ne, a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, sai ya yi maza ya nuna mana bankunan Musulunci: Jaiz da ya fara aiki a 2012, da Taj da Lotus da suka biyo baya. Madalla da su. Tsarin murabaha, inda banki zai sayi injin ya sayar maka da riba sananniya a biya kaɗan-kaɗan, ya kawar da matsalar addini, yana kuma da wata fa'ida ta zahiri, domin farashin da aka ƙulla ba ya hauhawa idan kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa. Sai dai da zarar an ƙulla cinikin, kuɗin injin sun zama bashi a wuyanka, wata-wata, ko inji ya juya ko bai juya ba. Halaccin ciniki daban, wanda zai ɗauki asara daban. Malam ya amsa tambayar malamai, bai amsa ta 'yan kasuwa ba.

Sai batun cewa banki na koya wa mutum tsari. Da haka ne, da shirin bashin manoma na Babban Banki da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, nan maƙwabtanmu, ya yaye mana dubban ƙwararrun masu riƙe alƙawari. An raba fiye da naira tiriliyan 1 a kan kuɗin ruwa kashi 9 kacal. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce kashi 52 ne. Mu ɗauki na Babban Bankin. Kusan rabin kuɗin bai dawo ba, duk da fom da hoto da lambar BVN. Wasu ruwa ya ci gonarsu, wasu 'yan bindiga suka hana su girbi, wasu kuwa tun farko sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa. Abin da ke sa mutum ya biya bashi shi ne sana'ar ta haifar da abin biya, sannan ya zamana yana jin kunyar idon wanda ya ba shi. Fom ba ya samar da ko ɗaya.

Mu koma kan dangi, inda Malam ya fi zafafawa. Na yarda rigima na aukuwa. Amma ya dubi kowace rigimar da ya sani, zai tarar tushenta ɗaya: ba a faɗi sunan kuɗin ba ranar da aka miƙa su. Kawu ya kira ɗan ƙanwarsa bayan sallar isha'i, ya zaro ƙunshin kuɗi daga aljihun 'yar shara, ya ce, "Ungo wannan ka ja jari, Allah ya sa albarka." Yaron ya durƙusa ya yi godiya, a ransa kyauta ce. Kawu a ransa rance ne. Matar kawu kuwa tana ganin sun shiga sana'ar, duk kaka buhu biyu na nan tafe. Mutum uku, yarjejeniya uku, babu wadda aka furta. Ranar da kawu ya kwanta dama, magada suka zauna rabon gado, nan ake jin kansu. Maganin abin ba gudun dangi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da ajalinsa a kafa shaidu. Takarda guda, layi biyar, liman da wani dattijo su sa hannu: nawa ne, kyauta ne ko rance ko hannun jari, yaushe za a fara biya, me za a yi in sana'a ta karye. In rance ne, to ba a sharɗanta ƙarin ko mudu ɗaya a kai, domin malamai sun haɗu kan cewa rancen da aka sharɗanta masa amfani ya shiga haramun. In kawu na son buhunsa duk kaka, a kira abin hannun jari, ya san cewa yadda zai ci riba haka zai ci asara.

Akwai haɗarin kuɗin dangi na gaske, wanda Malam bai ambata ba, wataƙila don ba ya zaune a inda abin ke faruwa. A ƙauyukanmu yau, tumakin inna da 'yan kunnen zinaren yaya da bijimin baba su ne asusun ko-ta-kwana na gida gaba ɗaya. Da su ake kai mai naƙuda asibiti, da su ake biyan harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin noma ko girbi, da su ake fanso wanda aka ɗauke. Matashin da ya tattare wannan duka ya zuba a inji ya bar gidansu tsirara. Don haka kuɗin dangi su ne mafi haƙuri a cikin huɗun, babu mai turo maka takardar gargaɗi in kasuwa ta rufe, amma su ne kuma waɗanda bai kamata a ɗiba da yawa ba. Ni a ganina, abin da za a karɓa daga gida kada ya wuce abin da in ya salwanta gidan zai kwana da tuwo, ya kuma iya tarar wata musiba.

Gama-kai fa? A nan Malam ya haɗa abubuwa uku ya yi musu bulala ɗaya. Akwai adashi, akwai ƙungiya mai rajista da ke tara ajiya tana ba da rance, akwai kuma ƙungiyoyin dare ɗaya da ake ƙirƙira duk lokacin da aka ji gwamnati za ta raba wani abu, shugaba da sakatare da ma'aji duk 'yan ɗaki ɗaya. Na ukun nan ne suka ɓata sunan sauran, kuma ba wuya a gane su: ba su da littafin ajiya da ya girmi sanarwar rabon. Gama-kai na gaskiya ya daɗe a ƙasar nan, dokarsa ta farko tun 1935 take. Alamarsa ita ce taro a kan lokaci, littafi a buɗe gaban kowa, kuɗi a asusun da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu, da rance gwargwadon ajiyar mutum, yawanci ninki biyu, tare da 'yan ƙungiya biyu da za su tsaya masa. Ma'ajin da ke ajiye kuɗin jama'a a ƙarƙashin katifarsa, laifin waɗanda suka bar shi ne. In kuwa cin amana ne ma'aunin, a tuna wa Malam cewa a watan Mayun 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179 a faɗin ƙasa. Su ma da kwat da taye suke zuwa aiki.

Ƙanƙantar kuɗin gaskiya ce. Mutum 12 masu zubin 50,000 a wata, kwasa ɗaya 600,000 ce, ba ta sayen inji. Ga kuma hauhawar farashi: a shekarar 2024, da ta ƙare da kashi 34.8 cikin ɗari, wanda ya yi kwasar ƙarshe ya karɓi kuɗin da suka rasa wajen rubu'in ƙarfinsu. Shi ya sa mai hankali ke roƙon uwar adashi ta sa kwasarsa ta faɗo daidai kaka, lokacin da shanshera ke arha, ya juya kuɗin nan take su zama buhuna. Raunin gama-kai mafi girma kuwa shi ne 'yan ƙungiya duk gari ɗaya suke, sana'a ɗaya, ƙaddara ɗaya. Da ruwa ya shiga Gummi, mai zubi da mai jiran kwasa tare suka kwana a makaranta. Saboda haka kuɗin ƙungiya na jarin juyawa ne, wanda zai fita ya dawo cikin wata uku ko huɗu. Ba a binne su a ƙarfe da siminti.

Na bar abokin tarayya a ƙarshe domin nan ne hujjar Malam ta fi ƙarfi, nan ne kuma ya fi yin kuskure. Lissafinsa daidai ne. A misalinmu, banki zai ci ribar miliyan 1 da 'yan kai a shekara biyu, ya tafi. Attajirin da ya zuba miliyan 3 a kan rabi da rabi zai ci miliyan 1.05 duk shekara, kuma ba ya tafiya. A shekara mai albarka abokin tarayya ya fi banki tsada nesa ba kusa ba. Amma me yaron ya saya da wannan tsadar? A watan ƙaranci da aka samu 100,000, zai ba da 50,000 ya riƙe 50,000, maimakon ya nemo cikon 68,000. A wata ukun da aka rufe kasuwa ba a bin sa ko sisi. In aka ƙone rumfar, su biyu za su yi jaje, ba za a kai shi kotu ba. A Legas ko Kano, inda da wuya kasuwa ta rufe wata uku, mutum na iya cewa wannan kariya ba ta kai kuɗinta ba. A Bukkuyum?

Kuma ba sabon abu muke ƙirƙira ba. Babin ƙiradi yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana cikin Risala da Muhtasar da ake karantawa a zaurukan Anka da Gummi har gobe. Ƙa'idojinsa a fili suke. Mai dukiya ya ba da tsabar kuɗi sanannu, mai aiki ya juya su. Riba a raba ta da kaso, rabi ko sulusi ko yadda aka shirya, ba a yanka wa wani adadi tsayayye. In aka yi asara ba da sakaci ko saɓa sharaɗi ba, ta mai dukiya ce, shi kuwa mai aiki wahalarsa ce ta tafi a banza. Ba ya halatta mai dukiya ya sharɗanta cewa dole uwar kuɗinsa ta dawo. Duk attajirin da ya ce maka, "Ka riƙa ba ni 40,000 duk wata, kuɗina kuma suna nan," bashi da ruwa ya ba ka, ya sa masa rawani. A kan irin wannan amana ta maigida da yaransa fataken goro suka yi ta zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Alhassan Ɗantata da jarin da yake ba wakilansa ya mamaye cinikin gyaɗa, kuma da ya shiga bankin Turawa a Kano a 1929, ajiya ya kai, lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa. Bai je neman jarin farawa ba.

Cewa abokin tarayya na nan har abada kuwa, wa ya ce? Sai in an ƙulla abin da baki kawai. Ana iya rubutawa tun ranar farko cewa duk ƙarshen kaka za a yi wa injin kuɗi a farashin ranar, mai aiki ya sayi wani yanki na kason abokinsa, rabon riba ya riƙa sauyawa daidai da haka har injin ya zama nasa. Bankunan Musulunci da kansu suna amfani da wannan tsari. Rigimar tarayya kusan kullum daga wuri uku take fitowa: ba a ware ladan mai tsayuwa a kan inji daga riba ba, ba a rubuta abin da kowa ya ɗiba don cefane ba, ba a kuma faɗi yadda za a rabu ba in ɗaya ya gaji ko ya rasu. Littafi na naira ɗari biyar da zaman lissafi duk Juma'a sun isa su toshe biyun farko. Alamar tarayyar da za ta watse kuwa tun wata na biyu ake ganinta, ranar da ɗaya ya ce a buɗe littafi, ɗayan ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?"

Ga yadda zan shirya wa matashin nan na Gummi miliyan ukunsa, in ya tambaye ni. Rumfa da girkawa, a ce 500,000, daga guminsa da rancen gida rubutacce, wanda za a fara biya bayan kaka ta farko. Injin, miliyan 1.5, shi da wani ɗan kasuwar shinkafa su yi tarayya, da sharaɗin saye kaso-kaso. Ya fi kyau ma abokin ya zama mai kawo shanshera ko mai kai shinkafa Sakkwato da Gusau, domin ya zo da kasuwa ba kuɗi kaɗai ba. Jarin sayen shanshera kuma, rabi daga kwasar adashi ko rancen ƙungiya da aka daidaita da kaka, rabi ƙiradi na kaka ɗaya, a yi lissafi a raba a sake sabon zama. A wannan tsari abin da ke wuyansa dole, ko ana ciniki ko ba a yi, bai wuce zubin adashinsa ko rancen ƙungiya, da rancen gida mai haƙuri ba. Zai yi jinkirin zama mai inji shi kaɗai, wataƙila shekara uku ko huɗu. Amma wata uku na rufe kasuwa ba za su raba shi da sana'ar ba.

Ba na cewa a ƙaurace wa banki. Ya buɗe asusu tun ranar farko, ya riƙa zuba cinikinsa ciki, ya yi rajistar sunan sana'arsa. Bayan kaka biyu ko uku, in littafinsa ya nuna cewa ribar watan da ya fi kowane muni ta ninka abin da banki zai nema a wata, kuma yana da ajiyar biyan wata uku a gefe, to ya je ya nemi murabahar inji na biyu ko na cire tsakuwa. A lokacin yana da tarihin asusu, yana da inji na jingina, yana da bakin yin ciniki. Kafin ya sa hannu ya tambayi jami'in abu uku, a rubuta masa amsar: jimillar abin da zai biya da duk wasu caje-caje, ko za a iya tsara biyan ya yi nauyi a kaka ya yi sauƙi da bazara da damina, da kuma abin da zai faru idan gwamnati da kanta ta rufe kasuwa. Ina roƙon Malam ya kai wannan tambaya ta uku kowane reshe da ya ga dama a Gusau, ya buga mana amsar da aka ba shi a maƙalarsa ta gaba.